Muhawara: Me ya sa aka fara canza makullan TLS tun kwamfutar kwantum ba ta iso ba?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da matsala ɗaya da tambaya ɗaya, kuma ina jin tushensu guda ne. A wani ofis da nake kula da sadarwarsa, wasu shafuka sun daina buɗewa bayan an sabunta burauza. Wani lokaci shafin ya buɗe, wani lokaci ya tsaya yana juyi har ya nuna ERR_CONNECTION_RESET. Idan aka cire kwamfutar daga layin ofis aka haɗa ta da datar waya, komai lafiya lau. Wani ya ce min sabon tsarin makulli ne mai jure wa kwamfutar kwantum ya jawo haka. To tambayata: kwamfutar da ake tsoro ba a ma ƙera ta ba tukuna, me ya sa za a ɓata abin da yake aiki saboda ita?

Nura: Wa alaikumus salam. Ni ma abin yana ɗaure min kai. A sanina TLS 1.3, tsarin da ke rufe hira tsakanin burauza da saba, yana ƙirƙirar sabon makulli ga kowace haɗuwa, ana gamawa ya share shi. Ko an ƙera kwamfutar nan da shekara goma, makullin yau ya riga ya ɓace. Idan kuma ana jin tsoro sosai, a ɗaga RSA daga 2048 zuwa 4096, magana ta ƙare.

Malama Hadiza: Malam Nura, gaskiya ne ana share makullin, kuma hakan yana kare ka daga wanda ya sace saba gobe ya kwashe abin da ke cikinta. Amma akwai abin da ba ya sharuwa. A farkon kowace haɗuwa, burauza tana aika rabonta na fili, bayit 32 idan tsarin musayar makulli na X25519 ake amfani da shi, saba ita ma ta mayar da nata bayit 32. Waɗannan biyun suna wucewa a kan layi ba rufi, kuma da gangan aka yi haka, domin duk tsaron ya dogara ne a kan cewa ba wanda zai iya lissafo lambar sirri daga lambar fili. Wannan lissafin shi ne ainihin wanda hanyar Peter Shor ta 1994 take warwarewa idan an sami babbar kwamfutar kwantum. Saboda haka wanda ya zauna a kan layi yau ya naɗi hirar gaba ɗaya, tun daga gaisuwar farko har ƙarshe, ba ya buƙatar makullin da ka share. Zai zuba abin a rumbu ya jira. Ranar da ya sami na'urar, sai ya ɗauki bayit 32 ɗin nan ya fitar da lambar sirri, ya sake gina makullin haɗuwar, ya karanta komai.

Abin da sharewar take saya maka shi ne tsada: kowace haɗuwa sai an yi mata nata lissafin daban, ba makulli ɗaya ne zai buɗe duka ba. Wannan zai hana a buɗe hirar kowa da kowa, amma ba zai hana a zaɓi ta wanda ake so ba.

Batun RSA 4096 kuwa ba ya fitar da mu. A kwamfutar yau, ninka tsawon makulli yana sa fasa shi ya yi nisa ƙwarai da gaske. A hanyar Shor, ninka tsawon yana ninka yawan kiyubit, wato bit ɗin kwamfutar kwantum, da ake buƙata kusan sau biyu ne kawai, lokacin aiki kuma kusan sau takwas. Wanda ya iya 2048 bai yi nisa da 4096 ba. X25519 ma, da yake lambobinsa gajeru ne, ya fi RSA 2048 sauƙin kamawa ta wannan hanyar.

Aminu: Na fahimci rumbun. Amma yaushe ne ranar?

Malama Hadiza: Ba wanda zai ba ka shekara da tabbaci, kuma duk wanda ya ba ka, ra'ayinsa ne. Abin da muke da shi ƙiyasi ne na girman na'urar da ake buƙata. A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta kiyubit miliyan 20 masu yin kuskure, su fasa RSA 2048 cikin awa 8. A 2025 Gidney ya sake lissafi ya sauko ƙasa da miliyan ɗaya, cikin ƙasa da mako guda. Na'urorin da ake da su yanzu suna nesa da wannan adadin, amma ka lura da yadda buƙatar ta ragu sau ashirin cikin shekara shida ta hanyar gyaran lissafi kawai.

Yadda Michele Mosca ya tsara tambayar ya fi amfani a aikace. Ka haɗa lambobi biyu: shekara nawa bayaninka yake buƙatar zama a asirce, da shekara nawa zai ɗauke ka ka canza duk na'urorinka. Idan jimlar ta wuce shekarun da suka rage kafin na'urar ta samu, ka riga ka makara. Takardun lafiyar marasa lafiya da ake so su ɓoyu shekara 20, a ma'aikatar da sauya kayanta zai ci shekara 5, jimla 25 ke nan. Wanda ya ce a jira yana cewa ne ya tabbata ba za a ƙera ta ba cikin shekara 25. Kalmar sirri da ake canzawa duk wata uku kuwa ba ta cikin wannan damuwar. Shi ya sa amsar ta bambanta daga wuri zuwa wuri, amma burauza ba ta san me za a aika ta cikinta ba, dole ta kare duka.

Injiniya Garba: Bari in koma kan matsalar Malam Aminu, don alamomin da ya faɗa sanannu ne. Tun Chrome 124, a Afrilun 2024, burauzar kwamfuta take aika makulli haɗaɗɗe kai tsaye ba tare da an kunna komai ba. Daga Chrome 131 aka koma wanda ake kira X25519MLKEM768. Rabon burauza a cikinsa bayit 1,216 ne: 1,184 na ML-KEM-768, sabon tsarin mai jure wa kwantum, da 32 na X25519. Rabon saba 1,120 ne: 1,088 da 32.

Ga inda gizo ke saƙar. Saƙon farko na burauza, ClientHello, a da bai fi bayit ɗari biyar da ɗoriya ba, yana shiga fakiti ɗaya. Yanzu yakan haura 1,700. Layin da ke da MTU 1,500 kuwa bayit 1,460 kawai yake ɗauka a fakitin TCP ɗaya, don haka saƙon ya rabu biyu. A ƙa'ida wannan ba laifi ba ne, TCP bai taɓa alkawarin kawo saƙo a dunƙule ba. Amma akwai fayawol da na'urorin tace shafuka da yawa da aka rubuta su bisa zaton ClientHello duka yana cikin fakitin farko. Na'urar ta karanta na farko, ta nemi sunan shafin da ke cikin SNI, ba ta gan shi ba ko ta ga saƙon bai cika ba, sai ta yanke layin.

Dalilin da ya sa wani lokaci yake buɗewa wani lokaci ya ƙi: Chrome yana hargitsa jerin sassan ClientHello a kowace haɗuwa. Yau SNI ya faɗa fakitin farko, shafi ya buɗe. An sake lodawa ya faɗa na biyu, ya ƙi.

Aminu: Wannan ya yi kama da abin da nake gani sosai. Ta yaya zan tabbatar, don kada in kai ƙara ba hujja?

Injiniya Garba: Ka sami kwamfuta ɗaya a cikin layin ofis mai OpenSSL 3.5 ko sama da haka, don daga 3.5 ne aka saka ML-KEM. Ka gwada shafi ɗaya sau biyu:

```
openssl s_client -connect example.com:443 -servername example.com -groups X25519
openssl s_client -connect example.com:443 -servername example.com -groups X25519MLKEM768:X25519
```

Idan na farko ya wuce na biyu ya maƙale, ka kama hanyar. Idan na biyu ya yi nasara kuma saba ta yarda da sabon tsarin, za ka ga layin da ya ce `Negotiated TLS1.3 group: X25519MLKEM768`. Sai dai hattara: ClientHello na openssl ya fi na Chrome ƙanƙanta, yana kusa da bakin 1,460, don haka yana iya wucewa a fakiti ɗaya ya ruɗe ka ka ce ba matsala. Hujjar da ba ta da gardama ita ce ka naɗi zirga-zirgar burauzar kanta:

```
sudo tcpdump -i eth0 -w gwaji.pcap 'tcp port 443'
```

Ka buɗe fayil ɗin a Wireshark ka tace da `tls.handshake.type == 1`, sannan ka bi haɗuwar da ta lalace. Abu biyu za ka iya gani, kuma maganinsu ya bambanta.

Idan ClientHello ya fita a fakiti biyu, nan take RST, fakitin yanke haɗuwa, ya dawo, da sauri fiye da yadda amsar saba ta gaske take dawowa, to na'urar da ke tsakani ce ta yanke. Ka duba TTL na fakitin RST ɗin ka kwatanta da na SYN-ACK. Idan sun bambanta sosai, ba wuri ɗaya suka fito ba. Maganin wannan shi ne sabunta manhajar fayawol.

Idan kuwa babu RST, sai dai kwamfutarka tana ta maimaita aika babban fakitin ba amsa, wannan matsalar MTU ce, galibi a kan VPN ko PPPoE mai 1,492. Ta daɗe a wurin, sabon makullin ne kawai ya tona ta, domin a da saƙon farko ƙarami ne. Ka gwada da `ping -M do -s 1472 example.com`, ka riƙa rage lambar har ya wuce, sannan ka daidaita MSS a kan rauta.

Sadiya: Ni a fahimtata maganin kwantum sai da kayan kwantum, wato irin wayar gilashi da ake aika makulli da ƙwayar haske. Yanzu kuna nufin an saka wannan a burauza?

Malama Hadiza: A'a 'yar'uwa, abubuwa biyu ne daban, kuma sunan yana ruɗar mutane da yawa. Wanda kike nufi yana buƙatar na'ura ta musamman a kowane ɓangare da layi na musamman a tsakaninsu. Wanda muke magana a kai lissafi ne zalla, yana gudana a kan wayarki ta yanzu. An zaɓi wata matsalar lissafi ce wadda ba a san hanyar warware ta da sauri ba, ko da kwamfutar yau ko da ta kwantum.

Bari in nuna ta da ƙananan lambobi, don idan aka gan ta da ido ta fi zama. A ce sirrina lambobi biyu ne, x da y, kuma duk lissafi ana raba shi da 17 a riƙe ragowa. Na ba ki:

```
4x + 7y = 13   (mod 17)
9x + 2y = 3    (mod 17)
```

Ɗan sakandare zai warware wannan. Ya ninka na sama da 9, na ƙasa da 4, ya ɗebe, x ya fita. Hagu ya rage 55y, wato 4y. Dama ya zama 117 a cire 12, wato 105, ragowarsa 3. To 4y ya ba da 3, y ya zama 5, daga nan x ya fito 3.

Yanzu in jefa tsakuwa a shinkafar. Kafin in ba ki amsoshin, in ƙara 1 a na farko in rage 1 a na biyu, su zama 14 da 2, ba tare da na gaya miki inda na taɓa ba. Ki bi hanyar ɗazu: 126 a cire 8, saura 118, ragowarsa 16. Sai 4y ya ba da 16, y ya fito 4. Kuskure ne, kuma ba abin da zai nuna miki kuskure ne. Ɗigon 1 da na saka ya ninku da 9 a nan, da 4 a can, ya zama 13 cikin 17. Da lambobi biyu za ki iya gwada duk yiwuwar tsakuwar ki gama. A ML-KEM-768 lambobin sirrin 768 ne, ana raba lissafi da 3,329, kuma kowace amsa tana ɗauke da tata tsakuwar tsakanin -2 da 2. Oded Regev ne ya tsara wannan matsalar a 2005, ana kiranta LWE, kuma ya danganta wahalarta da neman gajeriyar tazara a cikin latis, wato jerin ɗigogi masu tsari a sarari mai fuskoki ɗaruruwa.

Hanyar Shor tana cin RSA da X25519 ne saboda a cikinsu akwai wani maimaici da yake ɓoye, kwamfutar kwantum kuma ta ƙware wajen gano tsawon maimaici. A latis ba a gano irin wannan ƙofar ba.

Nura: To idan akwai tsakuwa a lissafin, shi mai makullin ta yaya yake samun amsa daidai? Ai shi ma tsakuwar za ta same shi.

Malama Hadiza: Tana samunsa, amma a wurinsa ba ta ninkuwa da manyan lambobi, don sirrin da yake ninkawa da shi ƙananan lambobi ne. Saƙon da ake aikawa bit 256 ne. Kowane bit idan 0 ne ana rubuta shi 0, idan 1 ne ana rubuta shi 1,665, wato rabin 3,329. Mai makulli idan ya cire abin da ya rufe saƙon, zai ga lambar tare da ɗan kuskure. Ya ga 1,702, ya san 1 ne. Ya ga 3,290, wannan kusa da 3,329 yake, wato kusa da 0. Muddin kuskuren bai kai 832 ba, rubu'in 3,329, amsa za ta fito daidai. An zaɓi lambobin ta yadda yiwuwar wucewa wannan iyakar kusan 1 cikin 2^164 ce, abin da ba za a gani ba a aikace.

Daga nan ne ma girman ya fito. Kowace lamba ƙasa da 3,329 tana cin bit 12. Lambobi 256 sun ci bayit 384. Jeri uku sun ci 1,152. A ƙara bayit 32 na irin da ake tsiro da babban jadawalin fili daga gare shi, ya zama 1,184. Wannan shi ne abin da ya fasa fakitin Malam Aminu gida biyu.

Alhaji Tukur: Malama, na ji bayaninki kuma ya fito sarai, amma akwai kalma ɗaya da kika faɗa da nake so jama'a su riƙe: ba a gano ba. Ba a ce babu ba. A gasar da NIST, hukumar ƙa'idoji ta Amurka, ta fara a 2016 don zaɓen tsare-tsare masu jure wa kwantum, tsari 69 ne suka shiga zagayen farko. Rainbow ya kai zagaye na uku, a 2022 Ward Beullens ya fasa shi da laftof cikin hutun ƙarshen mako. SIKE ya tsallaka zuwa zagaye na huɗu, cikin wannan shekarar Wouter Castryck da Thomas Decru suka fasa ƙaramin matakinsa cikin kusan awa ɗaya da kwamfuta ta yau da kullum. Ba kwantum a ciki ko kaɗan. Waɗannan duk masana sun yi shekaru suna dubawa. RSA kuwa tun 1977 ake dukansa. Ina ganin gaggawar nan tana da nata haɗarin.

Malama Hadiza: Gaskiya ne ranka ya daɗe, kuma zan ƙara maka da wanda ya shafi latis kai tsaye. A Afrilun 2024 Yilei Chen ya fitar da takarda yana cewa ya sami hanyar kwantum ta warware wani nau'in LWE. Masana sun yi kwanaki cikin zullumi kafin aka gano kuskure a mataki na tara na hujjar, shi da kansa ya amince. Ko da ta tsaya, ba ta kai ga lambobin ML-KEM kai tsaye ba, amma ta nuna ba a rufe ƙofar da hujja ba.

Wannan damuwar ita ce dalilin haɗawa. A X25519MLKEM768 ana yin musayar biyu a lokaci guda. ML-KEM ya ba da sirri bayit 32, X25519 ya ba da nasa 32, a jera su su zama 64, a zuba cikin HKDF, daga nan makullan haɗuwar su fito. Mai son buɗewa sai ya fasa duka biyun. Idan gobe aka fasa latis da laftof kamar yadda aka yi wa Rainbow, mun koma inda muke jiya, ba mu yi ƙasa ba. Idan kwamfutar kwantum ta zo, latis ya tare. Ƙarin da X25519 ke ci bayit 32 ne kawai, ba wanda zai ji nauyinsa.

Dalilin fifita latis kuma girma ne da sauri. Classic McEliece ya girmi latis a wannan fagen, asalinsa tun 1978, kuma mutane da yawa sun fi natsuwa da shi, amma mafi ƙanƙantar makullinsa na fili bayit 261,120 ne. Ka kwatanta da abin da 1,184 ya jawo wa fayawol. SIKE shi ne mai ƙananan makullai, ga yadda ya ƙare. Latis ne ya tsaya a tsakiya, kuma lissafinsa yana da sauri, bai fi X25519 nauyi a kan saba ba. NIST ta fitar da ML-KEM a matsayin FIPS 203 ranar 13 ga Agusta 2024, sannan a Maris 2025 ta zaɓi HQC, wanda ba latis ba ne, ya zama na ajiya. Wato su ma ba su zuba ƙwansu duka wuri ɗaya ba.

Alhaji Tukur: Haɗawar na yarda da ita. Inda ban gamsu ba shi ne masu cewa a yi ML-KEM shi kaɗai nan gaba kaɗan. Ko lissafin ya tsaya, rubuta shi a manhaja sabon abu ne. A ƙarshen 2023 an gano KyberSlash: a wasu manhajojin ana raba lamba mai alaƙa da sirri da 3,329, kuma a wasu na'urorin lokacin da rabawar ke ɗauka yana canzawa gwargwadon lambar. Mai auna lokaci da kyau yana iya tsinto makullin. An gyara, amma irin wannan sai an yi shekaru ana tsinta. X25519 a gefe yana rufe wannan ma.

Injiniya Garba: A nan ina tare da Alhaji. Kuma darasin aiki shi ne kada kowa ya rubuta nasa ML-KEM, ko ya kwaso tsohon Kyber, wanda shi ne asalin ML-KEM, daga wani wuri. Kyber na gasar da ML-KEM na ƙarshe ba sa jituwa, an canza wasu matakai. Shi ya sa lambar shaidarsu a TLS ta bambanta: tsohon X25519Kyber768Draft00 yana da 0x6399, sabon yana da 0x11EC. Sabar da ta san tsohon kawai, idan sabuwar burauza ta zo, ba za a ga kuskure ba, sai dai su koma X25519 a shiru. Mai sabar yana zaton yana da kariya, alhali babu.

Wani abin da ke wahalar da masu bincike: ML-KEM ba ya cewa ya gaza. Idan saƙon da aka kawo masa gurɓatacce ne, yana fitar da wani makulli na daban mai kama da na gaske, don kada maharin ya koyi komai daga amsar. Saboda haka idan ɓangarori biyu ba su jitu a lissafi ba, kuskuren yana bayyana ne can gaba, lokacin da aka kasa buɗe saƙon farko mai rufi, kamar `bad_record_mac`.

Mai nginx ya fara da `nginx -V` ya ga da wane OpenSSL yake aiki. Idan 3.5 ne ko sama:

```
ssl_protocols TLSv1.2 TLSv1.3;
ssl_ecdh_curve X25519MLKEM768:X25519:prime256v1;
```

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsohon layin `ssl_ecdh_curve` da aka kafe shi a kan tsari ɗaya shekarun baya, sai ya hana sabon aiki duk da an sabunta komai. Kuma a TLS 1.3 kawai wannan yake aiki, wanda ya haɗu da 1.2 bai samu ba. Ga SSH abin ya fi sauƙi: OpenSSH 9.0 a 2022 ya mai da sntrup761x25519 zaɓin farko, shi ma latis ne, 10.0 kuma ya koma mlkem768x25519-sha256. Ka yi `ssh -v` ka nemi layin `kex: algorithm:` ka ga abin da aka zaɓa.

Aminu: Na naɗa kamar yadda Injiniya ya ce. ClientHello ya fita a fakiti biyu, RST ya dawo nan take, TTL ɗinsa kuma ya nuna daga kusa ya fito. Na'urar tace shafuka ce. Akwai sabuwar manhajarta amma sai an ba ni lokacin da zan kashe layi. Kafin nan, in kashe sabon makullin a burauzoji?

Injiniya Garba: Chrome ya fito da saitin ma'aikatu mai suna PostQuantumKeyAgreementEnabled don irin wannan, amma tun farko an ce na wucin gadi ne, don haka ka duba ko sigar da kake da ita tana karɓarsa har yanzu. Ni zan fi so ka fara duba ko na'urar tana da hanyar cire wasu shafuka daga binciken TLS, ka cire waɗanda aiki ya dogara da su kawai. Idan dole sai ka kashe, ka rubuta ranar mayarwa a takardar aikin. Ka kuma tambayi masu na'urar abu ɗaya takamaimai: shin sabuwar sigar tana haɗa ClientHello da ya rabu kafin ta karanta shi? Wasu gyaran da suke yi shi ne su cire sabon makullin daga saƙon, shafi ya buɗe, kariyar ta tafi.

Sadiya: Na gane yanzu, na gode Malama. Amma duk maganarku a kan musayar makulli ce. Satifiket ɗin shafin fa? Har yanzu ina ganin RSA da ECDSA a jikinsu.

Malama Hadiza: Haka ne, kuma da sani aka bar shi baya. Sa hannu ba ya shiga rumbu. Wanda ya fasa makullin satifiket a 2040 ba zai iya komawa ya yi sojan gona a haɗuwar da aka gama yau ba, sai yana da na'urar a daidai lokacin haɗuwar. Don haka sirri ne mai gaggawa.

Kuma tsadarsa ta fi yawa. Sa hannun Ed25519 bayit 64 ne, makullinsa 32. ML-DSA-44, mafi ƙanƙanta a FIPS 204, sa hannunsa 2,420, makullinsa 1,312. Haɗuwa ɗaya ta yanar gizo takan ɗauki sa hannu biyar da makullan fili biyu: ɗaya na haɗuwar kanta, biyu na jerin satifiket, biyu na rajistar bayyana satifiket. Ki lissafa: biyar sau 2,420 ya ba da 12,100, biyu sau 1,312 ya ba da 2,624, jimla 14,724. TCP kuwa yakan fara da fakiti goma kafin ya jira amsa, kusan bayit 14,600. An riga an cika shi tun ba a saka sauran abin da ke cikin satifiket ba, sai an ƙara zuwa da dawowa ɗaya. A layi mai jinkiri ko mai zubar da fakiti, mai amfani zai ji shi a jikinsa.

Alhaji Tukur: Amma akwai sa hannun da ba zai jira ba. Na'urar da aka ƙona mata makullin tantance manhaja a cikin guntunta, kamar mitar lantarki ko kwamfutar mota, za ta yi shekara 15 ko 20 a fili ba a canza shi. Wanda ake ƙerawa bana da ECDSA zai kai lokacin da daftarin NIST na 2024 ya ce a daina amfani da waɗannan gaba ɗaya, wato bayan 2035. A irin wannan ni ba zan zaɓi latis ba ma. SLH-DSA na FIPS 205 bai dogara da komai ba sai ƙarfin hash, makullinsa bayit 32, sa hannunsa mafi ƙanƙanta 7,856. Ga sabunta manhaja sau biyu a shekara wannan girman ba komai ba ne.

Malama Hadiza: Ga manhajar na'ura na yarda, ranka ya daɗe, akwai ma LMS da XMSS idan mai ƙerawa zai iya tabbatar da ba zai taɓa maimaita lambar sa hannu ba, don maimaita ta sau ɗaya yana iya buɗe ƙofar jabu. Ga satifiket na yanar gizo kuwa 7,856 sau biyar ba zai ɗauku ba, ML-DSA ma da ƙyar. Ana aiki a kan sake fasalin satifiket ɗin kansa don rage yawan sa hannun da ake aikawa, amma ba a gama ba.

Nura: Injiniya, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Shafinmu yana bayan kamfanin da ke rarraba shafuka, burauza tana nuna X25519MLKEM768 a sashen Security na kayan masu gini. Ke nan mun gama?

Injiniya Garba: Rabin hanya ka gani. Abin da burauza ta nuna tsakaninta ne da kamfanin. Daga kamfanin zuwa sabarka wata haɗuwar TLS ce daban, da tata musayar makullin, kuma ita ce take bin dogon layi. Ka gwada umarnin openssl na ɗazu a kan adireshin sabarka kai tsaye, sannan ka naɗi haɗuwar da kamfanin ke yi da ita ka duba `key_share` a cikin ServerHello. Idan ka ga 4588, wato 0x11EC, an haɗa. Idan ka ga 29, X25519 ne shi kaɗai. Ka turo abin da ka gani, da sakamakon `nginx -V`.